Ra'ayinmu: Daɗewa a gona ba ta isa hujja a Yamai ba, sai an san ta ƙofar da aka shiga

Duk wanda ya bar birnin Yamai shekara goma sha biyar da suka wuce, ya dawo yau ya bi hanyar Doso ko ta Filinge ko ya haye Harobanda ya nufi Sagiya, zai ga abu ɗaya. Inda ya bar gero da wake, yanzu duwatsun siminti ne a jere, an shafa musu lamba. Gonar da a da ba a tambayar takardarta ta koma filayen gini, kuma kowane fili kuɗi ne da talaka ba ya tarawa a shekara guda. Tun daga lokacin da gona ta fara zama kuɗi irin wannan, tambayar da kakanni ba su taɓa yi wa juna ba ta zama ruwan dare a gaban masu gari da alƙalai: mene ne shaidarka cewa wurin nan naka ne?

Amsar da aka fi ji ita ce: "Shekara hamsin muna noma ta, kowa ya sani." Matsayin wannan jarida shi ne, wannan amsa tana da ƙarfi a dokar Nijar fiye da yadda masu takardu ke so a ɗauka, amma ba ta kai ƙarfin da masu faɗinta ke zato ba. Matasan da za su gaji waɗannan gonaki, da 'yan uwanmu da ke Agadas, Aljeriya, Libiya, Kumasi, Abijan ko Turai suna aiko da kuɗi, su ne suka fi kowa asara idan ba su gane bambancin ba.

Mu fara da abin da doka ta ba mai gonar gado. Dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga watan Maris na 1993 ta faɗa a fili cewa haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta hanyar rubutacciyar doka kariyarsu ɗaya ce. Ta kuma lissafa yadda ake mallakar ƙasa a al'adance: gado wanda jama'ar wuri suka tabbatar da shi daga abin da suka sani, ko kyautar dindindin daga sarkin da ke da ikon bayarwa, ko wata hanya da al'adar yankin ta yarda da ita. Ma'ana, rashin takarda ba rashin mallaka ba ne. Abin da dattawan gari suka riƙe a ka, doka da kanta ta ɗauke shi hujja. Haka kuma dokar tsarin kotuna, tun daga ta 1962 har zuwa ta 2018, ta umarci alƙali ya yi aiki da al'adar masu shari'a a rikicin mallakar gona ko nomanta, tare da dattawan da ke zama kusa da shi don bayyana masa al'adar. Sai dai akwai togiya: idan filin yana da rajista a littafin filaye na gwamnati, ko an tabbatar da cinikinsa ta hanyar da rubutacciyar doka ta tsara, to al'ada ta koma gefe.

Dokar ta 1993 tana da wani gefe da ba a cika faɗa ba. Ƙasar da babu wanda ya iya kawo hujjar mallakarta, ta gwamnati ce ko ta ƙaramar hukuma. Don haka wanda ya kasa kawo shaida ba abokin gardamarsa kaɗai yake fuskanta ba.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne, doka ba ta ce wanda ya daɗe shi ne mai wuri ba. Ta ce wanda ya gada, ko aka ba shi har abada. Daɗewa alama ce da ke nuna akwai yiwuwar gadon ko kyautar, ba ita ce mallakar ba. A ƙasar Zabarmawa kamar a ƙasar Hausa, ana shiga gona ta ƙofofi da yawa: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina. Uku na farko suna ba da mallaka. Uku na ƙarshe ba sa bayarwa ko an shekara ɗari. Wanda aka ba aro yana noma kamar mai gona, yana kai taki, yana korar dabbobi, 'ya'yansa su tashi su tarar da shi a ciki, jikokinsa su rantse da gaskiyarsu cewa gonar kakansu ce. Ba ƙarya suke yi ba, abin da suka gani ke nan. Amma idan asalin shigar aro ne, shekarun ba su goge shi ba.

Bari mu ɗauki misali irin wanda ake gani kullum, ba tare da sunan kowa ba. Wani dattijo ya zo daga Arewa, yankin Dogon Dutsi, a farkon shekarun 1970, ya sauka a wani ƙauye tsakanin Saga da Libore. Wani magidanci ɗan asalin garin ya nuna masa jeji mai faɗin hekta uku ya ce ya noma. Babu takarda, babu kuɗi. Dattijon ya sassabe, ya noma har ya rasu. Ɗansa ya ci gaba, ya gina rijiya, ya dasa mangwaro a kusurwa ɗaya. Yau ɗan ma ya rasu, ya bar 'ya'ya biyar: babban yana Tamanraset yana aikin gini, ɗaya yana jami'a a Yamai, mata biyu suna gidajen aure, ƙaramin shi ke noma. Sai ga mai yanka filaye ya iso yankin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka cire misalin kashi 40 cikin ɗari na hanyoyi da wuraren makaranta da kasuwa, saura 6,000, wato filaye 15 masu mita 400 kowanne. Hekta uku ta zama filaye 45. Ko wani kaso kawai aka ba mai gonar a matsayin diyya, dukiya ce. A makon da labarin ya bazu, jikokin magidancin nan na farko suka je wajen mai gari suka ce aro kakansu ya bayar, sun zo karɓar abinsu.

Me za a tambaya a zaman? Ba za a ɓata lokaci kan ko iyalan baƙon sun daɗe ba, domin ɗaya ɓangaren ma bai musa ba. Tambayar farko ita ce damin bayan girbi. A al'adar yankin, wanda ke noma gonar wani yakan kai wa mai ita dami ɗaya ko fiye idan an girbe, abin da Zabarmawa ke kira labu albarka. Ba darajar geron ake dubawa ba. Damin shaida ne na shekara-shekara cewa mai noma ya san ba tasa ba ce. Idan aka samu dattawa biyu da suka ce sun ga ana kai damin gidan magidancin har zamanin ɗan, to shekara hamsin ɗin ta zama hujja a kan iyalan baƙon, ba a gare su ba. Idan kuwa aka tabbatar ba a taɓa kaiwa ba, ko an daina tun da daɗewa masu gonar suna gani ba su ce uffan ba, magana ta fara karkata.

A nan tarihin siyasar ƙasarmu ya dagula lissafi, kuma ya kamata matasa su san shi. Gwamnatin Diori Hamani ta hana karɓar irin wannan kaso na amfanin gona da doka tun 1960. Daga baya, a jawabinsa na ranar 18 ga watan Disamba na 1974, Janar Seyni Kunce ya ce duk gonar da mutum ke nomawa, ko ta wace hanya ya same ta, ta zauna a hannunsa. Jawabi ne, ba doka ba, amma a lokacin soja jawabin shugaba ya isa. Mutane da dama suka daina kai dami, masu gonaki suka yi shiru don tsoro. Wasu kuma suka yi maza suka ƙwace gonakinsu kafin a riƙe musu. Da aka fara maganar dokar karkara a ƙarshen shekarun 1980, kowa ya ji za a rubuta mai gona, sai tsofaffin rigingimu suka farfaɗo. Saboda haka idan yau wani ya ce "ba mu taɓa kai dami ba tun 1975", mai gari mai hankali zai tambaya: don ba aro ba ne, ko don Kunce ya hana? Jikokin magidancin za su ce shirun kakansu na dole ne. Jikokin baƙon za su ce Kunce ya rasu tun 1987, me ya hana ku magana a shekaru fiye da talatin da suka biyo? A ganinmu wannan tambaya ta biyu tana da nauyi, kuma bai kamata a tsallake ta ba don kawai masu da'awar 'yan asalin gari ne.

Tambaya ta biyu ita ce ayyukan da mai aro ba ya yi. A al'ada, wanda aka ba aro yana shuka abin da za a girbe a shekara. Ba ya gina rijiya, ba ya dasa itacen da zai rayu bayansa, ba ya gina ɗakin ƙasa, ba ya ba wani aron wani yanki, ba ya jinginarwa, kuma idan ya mutu ba a sa gonar cikin rabon gado. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan a bainar jama'a, yana faɗa wa gari ne cewa wurin nasa ne. A misalinmu rijiyar da mangwaron sun fi shekarun noman amfani. Wa ya gina rijiyar, a wace shekara, wa ya biya maginin, kuma iyalan magidancin suna gari a lokacin? Sun hana? Sun kai ƙara? Idan maginin rijiyar yana raye, shaida ne mai daraja, domin ba dangin kowa ba ne. Idan an raba gadon dattijon a gaban liman aka ambaci gonar, limamin ko waɗanda suka zauna rabon shaidu ne. Amma a lura, idan ya tabbata an nemi izinin magidancin kafin a gina rijiyar, hujjar ta juya: mai abu ba ya neman izini a kan abinsa.

Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda al'adunmu suka sha daga gare shi, sun daɗe da tsara wannan magana a babin da ake kira hauzi. A taƙaice, wanda ya riƙe wuri shekara goma yana aiki da shi kamar nasa, yana kuma cewa nasa ne, alhali mai da'awa yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba a sauraron da'awar daga baya. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta kawo wannan, ta kuma nuna cewa tsakanin dangi da surukai shekara goma ba ta isa ba, domin ɗan uwa yakan ƙyale ɗan uwansa don kunya da zumunci. A arewacin Najeriya kotunan shari'ar Musulunci suna aiki da wannan ƙa'ida kai tsaye. A Nijar alƙali al'ada yake nema, amma sharuɗɗan nan su ne hankali ke komawa gare su: kasancewa a gari, sani, da shiru ba tare da uzuri ba. Rubutacciyar dokar da muka gada daga Faransa ma, wadda ke maganar shekara talatin, ta ce riƙon ya zama a fili, ba da ƙarfi ba, ba yankewa, kuma a matsayin mai abu. Wanda ke riƙe wa wani, kamar ɗan haya ko mai aro, ba ya zama mai wuri ko shekara nawa ya yi.

Wannan ya shafi 'yan ci-rani ta fuska biyu. Ta fuskar farko akwai sauƙi: wanda ba ya gari ba a ɗaukar shirunsa kamar na wanda ke wucewa ta bakin gonar kullum, kuma ƙanen da aka bar wa noma ba ya zama mai gona shi kaɗai don yayansa ya yi shekara goma sha biyar a Aljeriya. Ta fuska ta biyu akwai haɗari, kuma shi ya fi yawa a Yamai. Wanda ke cikin gonar shi maƙwabta suka sani. Idan ya je wajen mai gari da shaidu biyu ya nemi takardar shaidar riƙon gado, wadda a faransance ake ce wa detansiyon kutumiyer, da sunansa shi kaɗai, shaidun ba su yi ƙarya ba idan suka ce shi suke gani yana noma. Da wannan takarda zai iya sayarwa. Mai saye ya kai ta gaba, a auna, a yanka, a fitar da takardun filaye, wani ya je ya yi rajista. Kafin na Tamanraset ya dawo hutun salla, gonar ta zama unguwa. 'Yan uwa mata su ma haka ake yi musu, ko da suna cikin birnin.

Dalilin da ya sa muke cewa lokaci ne ke yanke wannan shari'a shi ne matsayin babbar takardar mallaka, titir fonsiye. Tsarin rajistar filaye da Nijar ta gada daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 26 ga watan Yuli na 1932 ya ginu ne kan cewa idan aka yi wa fili rajista, takardar ta zama ta ƙarshe, ba a tayar da ita, kuma daɗewa a kan fili mai rajista ba ta ba kowa mallaka. Kafin a yi rajistar ana sanarwa, ana ba da wa'adi don mai ƙorafi ya fito. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, galibi abin da ya rage masa shi ne ya bi wanda ya cuce shi ya nemi diyya, ba ƙasar ba. To wa ke karanta sanarwar da aka liƙa a bangon ofis da faransanci? Ba tsohuwar da ke ƙauye ba, ba kuma mai aikin gini a Libiya ba. Shaidu da daɗewa makamai ne masu kaifi kafin rajista. Bayan rajista sun dakushe.

Abin dariya, ko abin takaici, sauƙaƙaƙƙiyar takardar mallaka da gwamnati ta ɓullo da ita a 2006 sunanta Sheda. An ɗauki kalmar da talaka ya dogara da ita an sa wa takardar da ke rufe bakin shaidunsa idan wani ya riga shi.

Yanzu ga maganar shaidun kansu, domin a nan ne iyalai ke yin sakaci. Ba yawan mutane ake so ba. Mutum ya cika mota da 'yan uwansa da abokansa ashirin, duk ba su kai maƙwabcin iyaka ɗaya ba. Shaidar da ke da nauyi ita ce ta masu gonakin da suka kewaye taka gabas da yamma, kudu da arewa, domin su suka san inda gamba ko geza ko tsohon gawo ya raba ku, su suka san wanda suke gaisawa da shi a kan iyaka tun suna yara, kuma da wa ake sasantawa idan shanu sun yi ɓarna. Sai wanda ya halarci asalin bayarwar ko rabon gado. Sai wanda ya taɓa karɓar aron wani yanki daga hannunku. Kuma ana bambanta wanda ya ce "na gani" da wanda ya ce "na ji ana faɗa". Na biyun ba a zubar da shi a maganar gado mai tsawo, amma idan ya ci karo da na farko, ya faɗi.

Ana gane shaidar da aka saya. Yakan san shekarar da aka ba da gona amma bai san wa ke maƙwabtaka da ita ta arewa ba. Shekarunsa ba su kai ya ga abin da yake cewa ya gani ba: mai shekara hamsin ba zai ba da labarin abin da aka yi a 1972 a matsayin ganau ba. Idan aka fita zuwa gonar, abin da masu gari da alƙalai kan yi, sai ya kasa taka iyakar da ƙafarsa. Shi ya sa duk wanda ke da gaskiya ya kamata ya nace a je wurin, kada a ƙare magana a zaure. Idan hujjoji suka yi kunnen doki akan kai ga rantsuwa da Alƙur'ani, kuma mutane da yawa da suka yi tsayin daka a baki sukan ja da baya a nan. Amma rantsuwa mafita ce ta ƙarshe, ba abin da mutum zai gina shari'arsa a kai ba.

Muna ƙara cewa a daina raina tsofaffin mata. Su suka sussuka geron, su suka san ko an ware dami an kai wani gida, kuma sau da yawa sun fi mazan daɗewa a duniya.

Matsalar ita ce shaidun nan suna mutuwa, kuma a bakin Yamai suna watsewa tun kafin su mutu. Maƙwabcin gabas ya sayar ya koma Kwara Tegi. Na kudu an yanka tasa, buldoza ta tumɓuke gawon da ke iyaka. Abin da doka ta kira sanin jama'a yana buƙatar jama'ar su kasance a wurin. Rikicin dajin darbejiya da ya kewaye birnin, wanda aka fara dasawa a 1965 a kan gonakin mutanen ƙauyukan da Yamai ta haɗiye, ya isa darasi. Shekaru da dama bayan dashen, magada suna cewa ba a biya kakanninsu diyya ba don haka ƙasar tasu ce, gwamnati tana cewa daji ne na kowa, wasu sun sayar, wasu sun gina, kuma waɗanda suka ga yadda aka yi a farkon lamarin kaɗan ne suka rage. Abin da ba a rubuta ba lokacin da masu sani ke raye, yau kowa yana faɗinsa yadda ya yi masa daɗi.

Hanyar da doka ta shimfiɗa ba ɓoyayya ba ce. Idan babu rikici, iyali su je wajen mai gari da hukumar filaye ta ƙauye ko ta ƙaramar hukuma, wadda aka fi sani da Kofo, tare da maƙwabtan iyaka, a taka gonar, a rubuta takardar riƙon gado. A misalinmu, abin da ya kamata 'ya'yan nan biyar su yi tun ranar da aka share makokin mahaifinsu shi ne su sa a rubuta gonar da sunan magada duka, kowa da sunansa, har matan. Na waje ya aiko da takardar wakilci da aka buga wa hatimi a ofishin jakadanci, wadda ta faɗi abin da wakilin zai iya yi da abin da ba zai iya ba, musamman sayarwa. Idan za a bar wa wani ya noma, ko ɗan uwa ne, a rubuta takardar aro, domin Kofo tana da irinta. Mutane suna jin kunyar wannan, suna ganin kamar rashin yarda ne. Takardar aro guda ɗaya da an rubuta a 1972 da ta hana jikokin mutum biyu da suka yi zaman amana tsayawa gaban alƙali.

Idan kuwa rikici ya riga ya tashi, doka ta wajabta a fara da sulhu a gaban sarakunan gargajiya kafin a je kotu, daga mai gari zuwa sarkin kanto. Abin da mutane ke mantawa shi ne su karɓi takardar zaman, ko an sasanta ko ba a sasanta ba. Sarki mai sulhu ne, ba alƙali ba, kuma sulhun da ba a rubuta ba yakan tashi daga baya idan sarkin ya rasu ko farashin fili ya ƙaru. A tabbatar an rubuta sunayen shaidu da abin da kowannensu ya faɗa. Idan dattijon ya rasu kafin shari'a ta kai kotu, wannan rubutun ne zai yi magana a madadinsa. Kuma duk wanda ya ji an fara auna gonar da yake da haƙƙi a ciki, ya kai ƙorafinsa a rubuce ga ma'aikatar magajin gari da ofishin rajistar filaye a makon nan, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Faɗa a bakin gona ba ya tsayar da wa'adi.

Ba za mu ɓoye ba, takardar riƙon gado ita ma ta zama abin wasa a wasu wurare. Ana samun gona ɗaya da takardu biyu ko uku, kowacce da hatimi. Mai gari shi ne shaida, shi ne mai sa hannu, wani lokaci kuma danginsa ne ke da'awar, ko yana da kaso a cinikin. Ba duka ba ne, akwai masu riƙon amana da yawa, amma tsarin da ya ɗora wa mutum ɗaya wannan nauyi ba tare da mai duba shi ba yana gayyatar ɓarna. Mai saye daga waje ya sani cewa hoton takarda da aka turo masa ta waya ba ya nuna ko mai sayarwar shi kaɗai ne magaji. Ya tura wanda ya yarda da shi ya zauna da maƙwabtan iyaka huɗu, ba tare da dillali a wurin ba, ya tambaye su gonar wa ce, su nawa ne magadan, kuma an taɓa gardama a kanta.

Ga hukumomi, buƙatarmu ba sabuwar doka ba ce. An yi babban taron ƙasa kan filayen karkara a 2018, an amince da manufar ƙasa kan lamarin a 2021, rubutu ya wadata. Abin da muke nema a Yamai da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita, irin su Libore, Karma da Hamdallay, shi ne kada a ba da takardar riƙon gado sai maƙwabtan iyaka sun sa hannu a kan gonar, an kuma rubuta sunayen dukan magada, na gida da na waje. Kowace takarda ta shiga rajista ɗaya mai lamba a ƙaramar hukuma, inda kowa zai iya zuwa ya duba, don kada a sake ba da ta biyu a kan wuri ɗaya. Mai garin da ke da hannu a gona ya janye, wani ya zauna. Sanarwar aunawa da ta rajista kuma a yi ta a rediyo da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, a faɗa a masallacin Juma'a na garin, tare da sunan wurin kamar yadda mutane suka san shi, ba lambar taswira kaɗai ba.

A misalin da muka ɗauka, idan maginin rijiyar yana raye, idan maƙwabta biyu suka tsaya kan cewa ba su taɓa ganin dami ya fita daga gonar ba, kuma limamin ya tuna an ambace ta a rabon gado ba wanda ya tanka, jikokin baƙon suna da hujja mai kyau. Idan ɗaya daga cikin tsofaffin matan gidansu ta ce ita da kanta ta sha ɗaukar geron zuwa gidan magidancin har bayan rasuwar Kunce, to gara su nemi sulhu a raba filayen, su nemi a saka musu wahalar rijiya da itatuwa, tun kafin kuɗin lauya ya cinye kason da za su samu. Babban yayansu da ke Tamanraset ya kamata ya san wanne ne gaskiya daga cikin biyun kafin ya sake aiko da kuɗin shari'a, kuma wadda za ta faɗa masa tana gida, shekarunta sun haura tamanin.